Kwanakin ƙarshen Sha'aban da ayoyin azumi

Asabar, 21 ga Sha'aban

Bana ni aka ɗora wa karatun da muke yi a zauren gidanmu bayan isha'i kafin watan ya kama. Ayoyi uku kawai na ɗauka, 183 zuwa 185 na Suratul Baƙara, na jera Jalalaini da Ibn Kasir da Kurɗubi a kan tabarma, juzu'in Ɗabari kuma na aro shi a wurin maƙwabci.

Aya ta 183 ta ce an wajabta wa muminai azumi kamar yadda aka wajabta wa waɗanda suka gabace su, domin su samu taƙawa. An farlanta azumin Ramadan a Sha'aban na shekara ta 2 bayan hijira, Annabi (SAW) kuwa ya azumci Ramadan tara kafin rasuwarsa. Kamancen da ke tsakaninmu da mutanen da, malaman tafsiri sun rabu a kansa. Wasu sun ce a asalin wajabcin ne kawai. Wasu kuma, kamar Suddi da Sha'abi, sun ce har watan ma ɗaya ne, daga baya Nasara suka matsar da shi zuwa lokacin da babu zafi, suka ƙara masa kwanaki har ya kai 50. Ban daɗe a nan ba, domin babu hukuncin kowa a zauren da ya rataya a kai.

Abin da na fi so su riƙe yau shi ne ruwayar Mu'azu bn Jabal da Ibn Kasir ya kawo daga Imamu Ahmad: azumi bai sauka a dunƙule ba. Da farko kwana uku ake yi kowane wata, da ranar Ashura. Sai Ramadan ya zo da zaɓi, wanda ya ga dama ya yi azumi, wanda ya ga dama ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Daga nan aka ɗauke zaɓin daga kan mai lafiya mazaunin gida. Wanda bai san wannan jeri ba, idan ya isa tsakiyar aya ta 184 sai ya ɗauka an ce mai kuɗi ya biya ya huta.

Lahadi, 22 ga Sha'aban

Yau maganar mara lafiya ce. Ayar ta ce wanda yake mara lafiya ko matafiyi, to, adadin kwanakin ya biya a wasu kwanaki na daban. Ba ta faɗi wane irin ciwo ba, ba ta kuma faɗi girmansa ba, kuma a nan tambayoyin mutane suke taruwa.

Kurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan hijira, ya raba mara lafiya gida biyu. Akwai wanda ba zai iya azumin ba ko kaɗan, shi shan azumi wajibi ne a kansa. Akwai wanda zai iya amma da cutuwa da wahala, shi kuma an fi so ya sha, kuma Kurɗubi bai ɓoye ba cewa wanda ya nace a irin wannan hali rashin sani ne ke damunsa. Ma'aunin da mafi yawan malamai suka tsaya a kai shi ne ciwon da ke gallabar mutum, ko ake tsoron azumi zai ƙara shi, ko zai ja masa jinkirin warkewa.

Sai dai Kurɗubi ya kawo ɗaya ɓangaren ma. Wani ya shiga wurin Muhammadu bn Sirin da rana a Ramadan ya same shi yana cin abinci, da ya tambaye shi sai ya ce yatsansa ke ciwo. A wurin Ibn Sirin, da zarar sunan ciwo ya hau kan mutum rangwame ya same shi, kamar yadda matafiyi yake sha ko bai gaji ba. Haka kuma an ruwaito cewa Bukhari ya yi 'yar rashin lafiya a Naisabur cikin Ramadan, malaminsa Ishaƙ bn Rahawaihi ya zo duba shi ya tarar ya sha azumi, sai Bukhari ya kafa masa hujja da fatawar Aɗa'u cewa kowane irin ciwo ya isa.

Da na karanta labarin yatsa sai samarin suka fashe da dariya, ɗayansu ya ɗaga ɗan yatsansa da ya buge a wurin ƙwallo. Na ce masa ya sauke. Ni dai ina tare da jamhuru, domin ayar da ke biye ta ɗaure rangwamen da nufin sauƙaƙawa, ciwon da azumi ba ya taɓa shi kuwa babu wahalar da za a ɗauke masa. Amma a garuruwanmu ba masu fakewa da yatsa ne suka fi yawa ba. Waɗanda suka fi yawa su ne masu ciwon suga da ke allurar insulin, da masu gyambon ciki mai zubar jini, da masu sikila da masu ciwon ƙoda, waɗanda ke jin kunya a ga suna shan ruwa. Mai ciwon suga idan ya fara karkarwa da gumi mai sanyi, kansa na juyawa, magana ta fara ruɗe masa, ya fita daga gida na biyu na Kurɗubi ya shiga na farko. Ko saura minti ashirin a kira magariba, a ba shi abu mai zaƙi ya sha. Malamanmu sun ce ana gane tsoron cutuwa ta hanyar abin da mutum ya jarraba a jikinsa, ko ta bakin likitan da ya san aikinsa.

Litinin, 23 ga Sha'aban

Daren yau muka shiga wurin da ya fi wuya, inda aka ce akwai fansar ciyar da miskini a kan waɗanda suke "yuɗiƙunahu". A zahirin Larabci ma'anar ita ce waɗanda suke iya yin azumin. To, yaya za a ce mai iyawa ya yi fansa?

Amsa ta farko ita ce ta Salamatu bnul Akwa'i, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito: lokacin da wannan gaɓa ta sauka, duk wanda ya so sai ya sha ya yi fansa, har sai da ayar da ke bayanta ta sauka ta shafe hukuncin. Ibn Umar ma ya ce an shafe ta. A wannan fahimta kalmar tana nan a kan zahirinta, mai iyawa ake nufi, amma zamanin zaɓin ya wuce.

Amsa ta biyu ta Ibn Abbas ce. Shi ya ce ba a shafe ta ba, tana magana ne a kan tsoho da tsohuwa da suka tsufa tukuf, su sha su ciyar da miskini kowace rana. An ruwaito yana karanta kalmar da wata siga mai ma'anar waɗanda ake ɗora wa azumin su ɗauke shi da ƙyar. Wannan ƙira'a ba ta cikin mutawatirai, ba a salla da ita, amma ta nuna yadda ya fahimci ayar.

Amsa ta uku ita ce wadda almajiran zaure suka fi sani, domin tana cikin Jalalaini. Suyuɗi, wanda shi ne ya rubuta tafsirin Baƙara a littafin, ya ƙaddara kalmar korewa a gaban fi'ilin, sai ma'anar ta koma waɗanda ba sa iyawa saboda tsufa ko ciwon da ba a sa ran warkewarsa. Bai tsaya a nan ba, ya ambaci maganar shafewa a matsayin ra'ayi na biyu. Ƙaddara korewa inda ba a rubuta ta ba abu ne da ya fi na sauran nauyi a wurina, amma a aikace ya kai inda Ibn Abbas ya kai.

Baba, wanda ya haura tamanin, yana jingine da bango yana saurare. Sai ya ce, "To ni wanne ne nawa? Bara da ƙyar na kai goma na tsakiya."

Na ce, "Baba, babu wanda ya ce sai kun yi. Dukkansu sun yarda tsohon da azumi ke galabaitarwa ya sha, kuma babu ramuwa a kansa, don tsufa ba ya warkewa. Inda suka rabu shi ne ciyarwa."

Abu Hanifa da Ahmad, da Shafi'i a zancensa mafi ƙarfi, sun wajabta ciyarwa. Malik bai wajabta ba, ya ce abin so ne, kuma haka Ibn Abi Zaid ya rubuta a Risala. Dalilinsa a bayyane yake: idan an shafe gaɓar, tsoho ya zama wanda ya gaza, kuma wanda ya gaza ba a bin sa komai. Masu wajabtawa suna da Ibn Abbas, suna kuma da aikin Anas bn Malik, wanda Bukhari ya ce da ya tsufa ya yi shekara ɗaya ko biyu yana sha yana ciyar da miskini gurasa da nama kowace rana. Baba ya ce shi zai bi Anas, tunda akwai hatsi a rumbu. Na ce Allah ya karɓa.

Wani abu ya faru a gefe. Yaron da ke ja mana baƙi ɗan tsangaya ne, da Warshu ya haddace, sai ya karanta miskinai da jam'i. Wani ɗan Islamiyya mai riƙe da mushafin Hafsu ya yi wuf ya gyara masa zuwa miskini ɗaya. Na hana shi. Duka biyun ƙira'o'i ne ingantattu, ta Nafi'u ta dubi kwanakin gaba ɗaya, ta Asim ta dubi kowace rana da miskininta.

Talata, 24 ga Sha'aban

Ƙanwata ta zo da rana da goyonta, ta ce an gaya mata daren jiya na yi maganar ciyarwa. Ayar ba ta ambaci mai juna biyu da mai shayarwa da suna ba. Sun shigo ne ta hadisin Anas bn Malik al-Ka'abi, wanda ya nuna an ɗauke musu azumi kamar yadda aka ɗauke wa matafiyi. Sai malamai suka tambayi kansu: a haɗa su da mara lafiya mai ramuwa, ko da tsoho mai ciyarwa? Ibn Abbas da Ibn Umar sun ce su ciyar, babu ramuwa. Abu Hanifa ya ce su rama, babu ciyarwa. Shafi'i da Ahmad sun ce idan don kansu suka ji tsoro ramuwa kawai, idan don ɗan ne ramuwa da ciyarwa. Malik kuwa ya raba su: mai ciki ramuwa kawai, domin abin da ke cikinta tamkar wani sashe ne na jikinta, ita mara lafiya ce, mai shayarwa ramuwa da ciyarwa, domin lafiyarta ƙalau, saboda wani ta sha.

Ta ce, "Yaya, ni dai ka lissafa mini nawa. Bara ina da ciki na sha goma sha ɗaya. Na rama huɗu da sanyi, saura bakwai."

Muka zauna muka lissafa a kan mazhabar Malik, wadda a kanta aka tashe mu. Kwana goma sha ɗayan nan babu ciyarwa a kansu, tunda da ciki ta sha su. Jinkirin da ta yi daga Shawwal zuwa yanzu ma ba laifi ba ne, domin ayar ta ce wasu kwanaki ba ta ƙayyade ba, kuma Nana A'isha takan kai Sha'aban ba ta rama ba. Ba dole ne kuma a jere su ba. Matsalar ita ce wani Ramadan ya shigo da bashi a wuya. A nan Malik da Shafi'i da Ahmad sun ce a rama kuma a ciyar da mudu ɗaya kowace rana, Abu Hanifa ya ce ramuwa ta wadatar.

Malikiyya suna duba ƙarshen Sha'aban ne gwargwadon yawan bashin. Ita bakwai ake bin ta, don haka idan watan ya yi 29, kwanakin da ake dubawa su ne 23 zuwa 29. Jiya da yau sun tafi. Idan ta kwana da niyya yau ta yi 25 zuwa 29, ta biya biyar, saura biyu sai bayan salla. Na tambaye ta jiya da yau tana da tsarki, lafiya lau, a gida? Ta ce e. To, mudu biyu ke nan, miskinai biyu, kowa ɗaya, domin a mazhabar idan ta tara wa mutum ɗaya ba a lissafa ƙarin. Da a ce jinin al'ada ne ko ciwo ya cinye mata waɗannan kwanaki biyu, da babu ciyarwa, don ba a kiran hakan sakaci. Kuma mudun ba ya ninkuwa ko shekaru sun bi ta kai.

Na bana kuma, ta ce ta ji an ce mai goyo ba ta azumi. Na ce ba haka aka ce ba. Risala ta sa sharaɗi: ta ji wa yaron tsoro, kuma ba ta samu mai shayar da shi ba, ko ya ƙi karɓar nonon wata. Yaronta ya kai wata tara, yana shan kunu yana cin ɗan tuwo, ba daidai yake da jaririn wata biyu ba. Ta fara azumi ta duba. Idan nono ya ja baya sosai, yaron na kuka ba ya ƙoshi, fitsarinsa ya ragu, ta sha, ta rubuta ranar: ramuwa ɗaya, mudu ɗaya.

Laraba, 25 ga Sha'aban

Ba a yi karatu ba, an yi rasuwa a unguwa. Da yamma ƙanwata ta aiko yaro da tambaya ko mudun kasuwa ake nufi. A'a, mudun Annabi ne, cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ba a ƙanƙame ba, ba a baje ba. Huɗunsa ne sa'i guda na zakkar fidda kai. A sikeli ya ɗan haura rabin kilo, ya danganta da irin hatsin. Ana fitarwa daga abincin da garin ya fi ci, gero ko dawa ko masara ko shinkafa. Wanda ya auna da mudun kasuwa ya ba da fiye da abin da ake bin sa, ayar kuwa ta ce wanda ya ƙara da son ransa ya fi masa alheri.

Alhamis, 26 ga Sha'aban

Matafiyi. Kafin komai na nuna musu kalmar da Jalalaini da sauran masu tafsiri suke ƙaddarawa a wannan gaɓa: mara lafiya ko matafiyi, idan ya sha, sai ya rama. Zahiriyya ba su ƙaddara ta ba, shi ya sa suka ce matafiyi ko ya yi azumi bai isar masa ba, sai ya sake. Jamhuru sun mayar musu da hadisin Hamza bn Amr al-Aslami, wanda ya tambaya game da azumi a tafiya aka ba shi zaɓi, da kuma yadda sahabbai suke tafiya tare, wani da azumi wani babu, ba mai aibata wani. Wanda ya fi kuwa, Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun ce azumi ga mai ƙarfi, Ahmad ya ce sha.

Nisan tafiyar a wurin Malik buridi huɗu ne, wato mil 48, irin wanda ake ƙasaru a cikinsa, a lissafin yau kilomita tamanin da 'yan kai. Hanafiyya sun ce tafiyar kwana uku. Daga Kano zuwa Zariya ya wuce ma'aunin Malik, daga Kano zuwa Wudil bai kai ba. Kuma tafiyar kada ta zama ta saɓo.

Ɗan yayana direba ne, yana jigila tsakanin Kano da Kaduna. Ya ce, "Kawu, ni lodi sai ƙarfe tara muke gamawa. In rana ta yi zafi a hanya zan iya sha?"

A mazhabar Malik, a'a, ba da sunan tafiya ba. Wanda alfijir ya keto masa yana gida mazauni ne a wannan rana, da azumi ya wayi gari. Rangwamen na wanda ya bar gari kafin alfijir ne kuma ya kwana da niyyar sha. Idan ya fita da hantsi ya sha a hanya, ramuwa ce a kansa ba kaffara, saboda yana da abin da ya fake da shi. Ahmad dai ya halatta masa sha a ranar da zarar ya bar gari. Idan kuma ya kwana a Kaduna, washegari matafiyi ne tun daga dare, yana da zaɓi, muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Inda mutane suke faɗawa rami shi ne nan: matafiyin da ya zaɓi azumi da dare, rana ta yi ya fasa ba da wani uzuri ba, mashahurin zancen mazhabar ya ɗora masa kaffara, domin an ba shi zaɓi ya riga ya zaɓa. Ya yi shiru, sannan ya ce gara ya riƙa yanke shawara tun a wurin sahur.

Juma'a, 27 ga Sha'aban

Gajeren zama. Na lissafa waɗanda ayoyin ba su ambata ba. Mai haila da mai jinin biƙi ba rangwame aka yi musu ba, hana su aka yi, kuma ramuwarsu daga hadisin Nana A'isha aka samo ta, inda ta ce ana umartarsu da rama azumi ba a umartarsu da rama salla. Yaro sai ya balaga. Wanda hankalinsa ya gushe ba a neman azumi a wurinsa, ko da yake Malik ya ce idan ya warke ya rama, don ya ɗauke shi mara lafiya. Leburan da ke haƙa ko dako a rana ba ya cikin ayar. Ya kwana da niyya, idan ƙishi ya kai shi inda yake tsoron cutuwa ya sha ya rama, amma ba ya yanke tun dare cewa gobe babu azumi.

Asabar, 28 ga Sha'aban

Aya ta 185 ta ambaci watan da sunansa, ta ce wanda watan ya same shi yana nan ya azumce shi. An ruwaito daga wasu magabata cewa wanda watan ya kama yana gida, ko ya yi tafiya daga baya sai ya cika. Jamhuru ba su karɓa ba, domin a shekara ta 8 Annabi (SAW) ya fita daga Madina cikin Ramadan zuwa buɗe Makka yana azumi, da ya isa Kadid ya sha.

Sai na sa yaron ya karanta 184 da 185 a jere, na ce su saurari abin da aka maimaita da abin da aka bari. Mara lafiya da matafiyi sun dawo a aya ta biyu da hukuncinsu na ramuwa. Gaɓar fansa ba ta dawo ba. Masu tafsiri sun ce an maimaita rangwamen ne don kada a zaci umarnin da ya game kowa ya shafe shi kamar yadda ya shafe zaɓi. Wannan maimaici shi ne hujja mafi ƙarfi da na gani ga zancen Salamatu da Ibn Umar, kuma shi ya sa Malik ya iya cewa ciyarwar tsoho abin so ne ba tilas ba. Ɗan Islamiyyar nan ya ce to ai Ibn Abbas ma ya san an maimaita. Na ce ya sani, shi ya sa ya ce abin da aka ɗauke zaɓin mai ƙarfi ne kawai, rabon mai rauni yana nan a ayar farko. Ya nemi in ba shi Kurɗubi ya kwana da shi, na ba shi da sharaɗin ya dawo da shi kafin a fita duban wata gobe.